Gwaggwaron da manhaja ta datse: abin da ake biya kafin hoton bidiyo ya daina rawa

Ranar Litinin ce katukan kyamara ke taruwa a shagonmu na tace bidiyo da ke Agege, domin yawancin bukukuwan Legas ranar Asabar ake yin su. Wata Litinin, yaron da ke koyon aiki a wurina ya kawo katin wani biki da aka yi a wani zaure a Idi-Araba. Ya riga ya fara haɗa aikin kafin in iso, ya kira ni in ga shigowar amarya. Hoton yana tafiya sumul, babu rawa ko kaɗan, kamar an ɗora kyamarar a kan layin dogo. Sai dai saman gwaggwaron amaryar ba ya cikin hoton, hannayenta masu lalle suna leƙowa suna ɓacewa a ƙasa, ƙawayen da ke gefenta biyu kuwa rabin fuskarsu kawai ake gani. Na tambaye shi ko haka ya ɗauko. Ya ce, "Wallahi Oga, da sarari a samanta na ɗauko. Ban taɓa zum ba."

Gaskiya ya faɗa. Shi bai taɓa zum ba, manhaja ce ta taɓa. Abin da ya yi kawai shi ne ya jawo Warp Stabilizer, kayan hana rawar hoto, ya ɗora a kan kilif ɗin, wato guntun bidiyon, a cikin manhajar tacewa ta Premiere Pro, ya jira ta gama bincike, ya ga rawar ta tafi, ya wuce. Da na buɗe saitin, sai ga lamba a gaban Auto-scale: 131%. A kan wannan lambar nake son yin magana, domin yawancin masu tace bidiyo da na sani ba sa kallonta, alhali ita ce farashin aikin.

Mutum ya fara sanin abin da manhajar ke yi. Bidiyo jerin hotuna ne, a wurinmu galibi 25 a kowace daƙiƙa, kowanne ana ce masa firem. Idan hannun mai ɗauka ya motsa, abin da ke cikin firem na biyu yana ɗan gocewa daga inda yake a firem na farko. Manhaja tana neman wurare masu bayyananniyar alama, kamar kusurwar taga, zanen labule ko gefen kujera, ta bi su daga firem zuwa firem, ta gano hanyar da kyamara ta bi. Daga nan ta zana wata hanyar mai santsi, wadda kyamarar za ta bi da a ce hannun bai yi rawa ba. Sai ta riƙa ture kowane firem, sama ko ƙasa, dama ko hagu, ta ɗan juya shi, har ya hau kan wannan sabuwar hanyar.

Matsalar tana nan. Ka ɗauki tabarma da aka shimfiɗa daidai da faɗin ɗaki. Idan ka ja ta taki ɗaya zuwa gabas, siminti zai bayyana ta yamma, babu makawa. Haka firem yake: idan aka ture shi ƙasa, samansa zai bar baƙin fili, domin kyamara ba ta ɗauki abin da ke wurin ba. Don kada mai kallo ya ga baƙin fili yana rawa a gefuna, manhaja tana yanke gefuna huɗun har sai baƙin ya fita, sannan ta buɗa abin da ya rage ya cika allo. Asara biyu ke nan a aiki ɗaya: an rasa abin da ke gefe, sannan abin da ya rage an ja shi fiye da girmansa, ya rage kaifi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma yana da kyau mai sana'a ya iya shi da ka. Firem ɗinmu na yau da kullum yana da faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto. A ce rawar ta kai fiksel 60 zuwa dama da 60 zuwa hagu. Dole a cire 60 a kowane gefe, saura 1800, kuma don 1800 ya koma 1920 sai an buɗa hoton zuwa kusan kashi 107. Amma idan wannan fiksel 60 ɗin sama da ƙasa ne, daga 1080 za a cire 120, saura 960, buɗawar ta zama kashi 112 da rabi. Rawa iri ɗaya, farashi kusan ninki biyu. Dalili shi ne tsayin firem bai kai faɗinsa ba, kuma ba za a iya yanke sama da ƙasa a bar gefuna yadda suke ba, tilas siffar allon ta zauna. Abin takaicin kuma, rawar mai tafiya da ƙafa sama da ƙasa take yi, kowane taku da nasa tsalle.

Sannan lambar da manhaja ke nunawa tana ɓoye girman asarar, saboda tsawon gefe ɗaya take aunawa, hoto kuwa faɗi ne da tsayi. Abin da ya rage ana samunsa haka, inda s ita ce buɗawar, wato 120% ita ce 1.20:

```
saura = 1 / (s × s)
s = 1.20  →  1 / 1.44 = 0.69
s = 1.50  →  1 / 2.25 = 0.44
```

Wato idan ka ga 120%, ba kashi 20 ka rasa ba, kashi 31 ne, kusan sulusin hoton, kuma abin da ke hannunka 1600 da 900 ne aka ja shi. Idan ta kai 150%, wanda shi ne iyakar da Maximum Scale ke zuwa da ita, abin da ya rage 1280 da 720 ne, fiye da rabin hoton ya tafi. Za ka fitar da aikin da sunan 1080, amma idon mai kallo a babbar talabijin zai gaya masa ba haka ba ne.

Akwai wani ɓarawon gefe da ba a cika lura da shi ba, shi ne karkata. Idan kyamara ta kwanta gefe ɗaya kamar jirgin ruwa a tafkin Legas, manhaja za ta juya firem ɗin ta miƙe shi, kusurwoyi huɗu su bar baƙi. A allo mai siffar 16:9, karkatar digiri ɗaya tak tana cin buɗawar kashi 3, digiri uku kashi 9, digiri biyar kashi 15. Digiri uku a wuyan hannu ba komai ba ne, mutum ba zai ma san ya yi ba. Wanda ke riƙe kyamara da hannu ɗaya yana buɗe hanya da ɗayan a cikin taron biki, yana yin fiye da haka.

Mu koma kan amaryarmu. Kilif ɗin daƙiƙa 22 ne, firem 550, an ɗauke shi da 1920 da 1080, yaron yana tafiya da baya a gabanta. Abu na farko da na yi shi ne na je Framing na sauya shi daga Stabilize, Crop, Auto-scale zuwa Stabilize Only. Wannan saitin yana gyara rawar amma ba ya yanka, sai ka ga baƙin gefen yana shiga yana fita. Ina ganin duk mai koyo ya kamata a fara nuna masa wannan kafin komai, domin a nan ne ake ganin aikin tsirara. Muka bi kilif ɗin a hankali. A mafi yawansa baƙin siriri ne, yana leƙowa yana komawa. Amma a daƙiƙa ta 14, na tsawon abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, baƙin ya faɗo daga sama kamar labule, firem ɗin kuma ya karkace. Yaron ya ce, "A nan ne na yi tuntuɓe da wayar lasifika."

Da muka auna, turewar ta kai kusan fiksel 90, karkatar kusan digiri uku. Idan ka haɗa biyun a lissafi, buɗawar da za ta ɓoye su tana kai wa 131%, daidai abin da manhajar ta rubuta. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a duk wannan bayanin: Warp Stabilizer lamba ɗaya take ba kilif gaba ɗaya. Ba ta buɗa hoton a wurin tuntuɓen ta koma daidai bayan ya wuce. Firem mafi muni shi ke yanke wa sauran farashi. Firem kamar ashirin ne suka yi laifi, amma duka 550 suka biya. A 131% abin da ya rage 1466 da 824 ne, an cire fiksel 128 daga sama, 128 daga ƙasa, 227 daga kowane gefe, kashi 42 na hoton ya tafi. Sararin da yaron ya bari a saman gwaggwaron bai wuce fiksel 80 ba, to ka ga inda sauran ya shiga.

Wannan gwaggwaron ba ƙaramin abu ba ne a wurin masu biki. An biya mai ɗauri, amarya ta zauna an ɗaura mata shi na tsawon lokaci, uwarta kuma idan ta zauna kallo shi za ta fara dubawa, sai lalle, sai leshi. Hoton da ya tsaya cak amma ya datse waɗannan bai yi wa Hajiya aikin da ta biya ba. Mai kallon bidiyon biki yana yafe ƴar rawa, domin ya san a cikin taro aka ɗauka, ba ya yafe kan da aka sare.

Gyaran farko ba a cikin saitin yake ba, a almakashi yake. Na cire Warp Stabilizer gaba ɗaya, na yanka kilif ɗin kafin tuntuɓen da bayansa, na rufe gurbin da hoton masu kiɗa na daƙiƙa ɗaya da rabi daga kyamara ta biyu, sautin kuma na bar shi yana tafiya yadda yake. Sannan na ɗora Warp Stabilizer a kan kowane yanki daban, kowanne ya yi nasa binciken. Tsarin yana da muhimmanci: a yanka tukuna, sannan a daidaita. Haka ma farkon kilif da ƙarshensa, inda mai ɗauka ke danna maɓalli ko sauke kyamara, a datse su kafin bincike, domin sau da yawa a nan girgiza mafi girma take, kuma ba za ta ma shiga aikin ba. Da wannan kaɗai, lambar ta sauko daga 131% zuwa 117%.

Har yanzu 117% ya yi mini yawa, domin yana cire kusan fiksel 78 daga sama, saman gwaggwaron yana goga bakin allo. Sai na koma kan Smoothness, wanda ke zuwa a kan 50%. Mutane suna ɗauka cewa ƙara shi ƙara inganci ne. Abin da yake yi shi ne yana faɗa wa manhaja yadda sabuwar hanyar za ta miƙe. Idan hanyar ta miƙe sosai, ta yi nisa da ainihin hanyar da kyamara ta bi, to kowane firem sai an ture shi da nisa kafin ya hau kanta, baƙin gefe ya ƙaru, yanka ya ƙaru. Idan ka rage shi, sabuwar hanyar tana bin manyan lanƙwasar ta asali, ƙananan karkarwa kawai take gogewa. Ka tuna direban da ke bin titi mai ramuka a damina: wanda ya ce sai ya tafi a miƙe zai buƙaci titi mai faɗi ya kauce wa komai, wanda ya yarda ya bi lanƙwasa kaɗan ƙaramin wuri ya ishe shi.

Na sauke shi zuwa 15%. Turewar ta koma kusan fiksel 25, karkatar kusan digiri ɗaya, lambar ta tsaya a 108%. Abin da ya rage 1778 da 1000 ne, fiksel 40 kawai aka cire daga sama, gwaggwaron ya dawo da sauran sarari a kansa, hannayen ma suka shigo. Ana jin takun mai ɗauka a hoton, yana ɗan lilo a hankali, amma karkarwar da ke gajiyar da ido ta tafi. A ganina wannan ya ma fi dacewa da shigowar amarya, domin mai kallo yana jin kamar yana cikin masu rakiya. A ƙarƙashin Advanced akwai wani ma'aunin, Crop Less <-> Smooth More, wanda sunansa ma ya faɗi cinikin ƙarara: ko ka rage yanka, ko ka ƙara santsi. Akwai kuma No Motion a ƙarƙashin Result, mai ƙoƙarin kafe hoton kamar an ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Yana da kyau ga wanda ya tsaya wuri ɗaya yana ɗaukar mai jawabi. A kan hoton tafiya kuwa, shi ne mafi tsadar zaɓi.

Ni dai ƙa'idar da nake bi a aikin 1080 ita ce: har zuwa 110% ba na damuwa, tsakanin 110% da 120% sai na duba fuska da zanen tufafi a babban allo kafin in yarda, abin da ya haura haka kuwa sai in nemi wata dabara. Wannan ra'ayina ne daga abin da idona ya saba gani, ba doka ba ce. Hoton da aka ɗauka da rana a fili yana jure buɗawa fiye da na cikin zaure da dare, domin buɗawa tana ƙara girman tsakuwar da ƙarancin haske ke zubawa a hoto, ta fito ɓaro-ɓaro a baƙaƙen wurare.

Wasu za su ce ai akwai Stabilize, Synthesize Edges, wanda ba ya yanka, yana cike baƙin gefen da abin da ya aro daga firem na baya da na gaba. Gaskiya ne, kuma a kan bango ko sararin sama yana iya wucewa ba a gane ba. A zauren biki, inda gefen hoto cike yake da mutane masu motsi, abin da yake arowa ba ya dacewa da wurin, sai ka ga kafaɗa ta rabu biyu ko mayafi ya narke. Yana kuma cin lokaci sosai a kwamfuta, ga mai aiki da janareto wannan kuɗin mai ne.

Bayan mun warware yanka, sai wata matsalar ta fito, wadda ba ta da alaƙa da gefe. Ginshiƙan zauren da ke bayan amarya suna lanƙwashewa suna miƙewa, kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Wannan aikin Subspace Warp ne, hanyar da Method ke zuwa a kai. Ita ba ture firem kawai take yi ba, tana jan sassa daban-daban na hoton kowanne da nasa gwargwado. Dalilin da aka yi ta shi ne, idan kyamara tana tafiya, abin da ke kusa yana gocewa da sauri fiye da abin da ke nesa, turewa guda ɗaya ba za ta daidaita su duka ba. Idan ta dace, sakamakonta ya fi na kowa kyau. Idan kuma mutane masu motsi suka cika firem, kamar ƙawayen amarya da ke rausaya, manhajar tana ɗaukar motsinsu a matsayin motsin kyamara, ta ja bango don ta bi su. Yadda ake gane wannan shi ne a daina kallon fuska, a kafa ido a kan wani abu miƙaƙƙe a baya, ƙofa ko ginshiƙi ko layin tayil. Na sauya zuwa Position, Scale, Rotation, wadda ke ɗaukar firem a matsayin faifai guda, ta ture shi, ta juya shi, ba ta lanƙwasa komai. Ginshiƙan suka miƙe.

Wani lokacin kuma lanƙwasar daga kyamarar take, ba daga manhaja ba. Yawancin kyamarorinmu da duk wayoyin hannu ba sa ɗaukar firem a lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Idan kyamara ta girgiza a tsakiyar karatun, saman firem da ƙasansa ba a wuri ɗaya aka ɗauke su ba, sai sandar wuta ta kwanta, fuska ta matse. Duk wanda ya taɓa ɗauka daga kan acaɓa ko cikin danfo ya san wannan. Kafin a daidaita hoton, rawar tana ɓoye shi; da zarar hoton ya tsaya sai ya fito fili. Saitin Rolling Shutter Ripple, idan aka mayar da shi Enhanced Reduction, yana rage shi, amma ba ya kawar da mai tsanani.

Abin da ba shi da magani a teburin tacewa shi ne dusashewar motsi. Kowane firem ana ɗaukarsa ne cikin ɗan lokacin da ƙofar haske take buɗe, a wurinmu galibi 1/50 na daƙiƙa. Idan kyamara ta zabura a cikin wannan ɗan lokacin, hoton ya shafe, kuma shafewar ta zauna a cikin firem ɗin har abada. Manhaja za ta iya mayar da firem ɗin mazauninsa, ba za ta iya mayar masa da kaifinsa ba. Sakamakon shi ne hoto a tsaye cak amma yana dusashewa yana washewa da kowane taku, kamar kyamara na neman fokas. A kilif ɗinmu akwai wannan a wurare uku, kuma shi ma yana cikin dalilan da suka sa na bar ɗan lilo: idan hoton yana motsi, ido yana karɓar dusashewar a matsayin ɓangaren motsin. Maganin na gaskiya a wurin ɗauka yake, a ƙara saurin ƙofar zuwa 1/100. Na ce 1/100 ba 1/120 ko 1/125 ba, saboda wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyaftawa daidai da ita, kuma 1/50 da 1/100 ne suke tafiya tare da wannan ƙyaftawar. Idan zauren yana kan janareto da ba ya riƙe juyinsa daidai, sai an gwada a allon kyamara kafin amarya ta iso. A tuna kuma 1/100 yana raba hasken da ke shiga gida biyu.

Tambayar da yaron ya yi mini daga baya ita ce wadda kowa ke yi: "To Oga, da na ɗauka da 4K fa?" Amsar rabi e ce, rabi a'a. Firem na 4K yana da 3840 da 2160, ninki biyu a kowane gefe. Idan aikin da 1080 za a fitar, ana iya buɗa shi har 200% kafin a fara jan fiksel fiye da girmansa. A 131% ɗin nan, da abin da zai rage 2931 da 1649 ne, ya fi ƙarfin 1080 nesa ba kusa ba, kaifi ba zai ragu ba. To amma gwaggwaron fa? Da an datse shi daidai yadda aka datse shi, domin kashi 42 na abin da ke cikin hoto kashi 42 ne ko fiksel nawa ne. 4K yana biyan bashin kaifi, ba ya biyan bashin gefe. Bashin gefe sai da sarari: mai ɗauka ya ja baya taku ɗaya ko biyu, ko ya sa gilashi mai faɗi, ya bar wa manhaja abin da za ta ci. Gilashi mai faɗi yana da riba ta biyu, domin rawa iri ɗaya ta fi ƙanƙanta a cikinsa fiye da a gilashin da ke jawo nesa.

Akwai tarko a nan ga masu Premiere Pro. Idan ka ɗora Warp Stabilizer a kan kilif na 4K da ke cikin aikin 1080, manhajar za ta ƙi, ta ce girman kilif bai dace da na aikin ba, ta ba da shawarar a yi Nest, wato a naɗe kilif ɗin cikin wani ƙaramin aiki nasa. Idan ka yi Nest ɗin ya zama mai girman 1080, kilif ɗin ya riga ya ƙanƙance a ciki, daidaitawar kuma ta hau kan ƙanƙantaccen, to ribar 4K ta zube, buɗawar za ta ja fiksel 1080 ne. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe wani aikin mai girman 3840 da 2160, a daidaita kilif ɗin a can, sannan a kawo wannan aikin cikin na 1080 a rage shi zuwa 50%.

Cinikin ɗaya ne a sauran manhajoji, sunaye ne suka bambanta. A DaVinci Resolve, Translation da Similarity da Perspective su ne hanyoyin bincike, daga mai sauƙi zuwa mai lanƙwasa. Cropping Ratio yana iyakance yawan abin da ka yarda a yanka: idan yana kan 1.0 babu yanka kuma babu daidaitawa, kana rage shi kana ba manhaja ƙarin gefe. Idan ka cire alamar Zoom za ka ga baƙin gefen, kamar Stabilize Only. Matasan da ke tace bidiyon kasuwanci a waya da CapCut, irin masu tallan kaya a Alaba Rago da kasuwar Mil 12, suna da matakai a ƙarƙashin Stabilize, kuma Most stable ya fi Recommended cin gefe. Ga masu waya ma asarar sau biyu ce, domin wayar da kanta tana yanke gefe tun lokacin ɗauka idan an kunna hana rawa, shi ya sa hoto ke matsowa idan ka koma bidiyo daga hoton tsaye. Inda manhaja ba ta nuna lamba, ana iya aunawa da hannu: ka tsayar da firem ɗaya, ka auna tazarar abubuwa biyu a allo kafin daidaitawa da bayanta, ka raba ta biyun da ta farkon. Idan santimita 10 ta zama 12, buɗawar 120% ce.

A aikin Idi-Araba akwai wani kilif na biyu da ban daidaita ba kwata-kwata. Wurin liƙi ne, an kewaye ango da amarya, yaron ya ɗaga kyamara sama da kawunan mutane, ana tura shi ta ko'ina. Mun gwada, lambar ba ta sauko ƙasa da 140% ba ko da an rage Smoothness, kuma a wannan buɗawar hannayen masu liƙi, waɗanda su ne abin kallon, duk sun fita daga hoto. Na zaɓi daƙiƙa huɗu mafi natsuwa daga cikin goma sha tara, na sa su yadda suke da rawarsu, na bar sauran. Da Hajiya ta zo karɓar aikin ta kalli wurin sau biyu, ta nuna wani hannu mai awarwaro a can kusurwar hagu ta ce, "Ka ga ƙanwata da ta zo daga Sakkwato." Hannun yana cikin fiksel ɗari biyu na bakin firem, daidai yankin da 140% ke cirewa.